Dubu Ɗarin da Ta Ɓata a Asusun Baba

Maganar ta fara ne a ƙofar asibiti, kafin ta iso kunnen Gwaggo ta yi ƙafafu da fukafukai. Wai matar Auta, wadda ke jinyar Baba tun da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa harshe, tana yashe asusunsa da katin da aka damƙa mata. Wai dubu ɗari ta yi ɓatan dabo a wata guda. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta yi shekara talatin da biyu tana koyar da lissafi, kuma ta daɗe da sanin cewa "wai" ba ta taɓa cin jarrabawa ba. Ta saka tabarau da rula da jan biro a jaka ta tafi.

Ta tarar da su a teburin cin abinci. Injiniya, babban ɗan Baba, yana tsaye da makullin mota a hannu. Matar Auta tana zaune a bakin kujera, rasitai a cikin ledar magani a cinyarta. Ta ƙofar ɗaki ana jin numfashin Baba.

"Gwaggo, ba sai kin wahala ba, an gama magana," in ji Injiniya. "Fansho dubu ɗari da hamsin, abin da ya fita dubu ɗari biyu da sittin da ɗari shida. Ita kuma ɗari da sittin kawai ta iya faɗa. Ta ajiye kati, ta tattara yaranta kafin mijinta ya dawo ranar Juma'a."

"Wallahi Babban Yaya, ban sani ba..."

"Shi ne ai. Ba ki sani ba."

Gwaggo ta jawo takardar bankin. Ba ta gaya musu ba, amma ba ta taɓa karanta irinta ba. Tata takan zo duk wata, ta duba adadin ƙarshe a ƙasa, ta jefa a durowa. Yanzu ga layuka biyar a tsaye, kowanne da sunansa a kai: kwanan wata, bayani, debit, kiredit, balas. Injiniya ya zagaye na uku kaf da baƙin biro.

"Wannan da ka yi wa kwalli fa?"

"Debit. Abin da ya fita."

"Na kusa da shi?"

"Abin da ya shigo. Ba ruwanmu da shi."

"Na ƙarshen?"

"Abin da ya rage bayan kowane motsi. Gwaggo, ina da aiki."

"Ni ma na koyar da masu aiki. Zauna."

Ta ɗora rula a ƙarƙashin layin farko, yadda take yi wa yaran da idonsu ke tsalle. An shiga wata da dubu ɗari biyu da goma sha huɗu. Ran ɗaya, fansho ya shigo, balas ya koma ɗari uku da sittin da huɗu. Ta haɗa a gefen takarda, ya yi daidai, ta buga masa maki. Ran biyu, dubu arba'in ta fita, da wasu gajerun haruffa da lambobi a wurin bayani. Saura ɗari uku da ashirin da huɗu. Ta sa alamar tambaya ta wuce.

Ran huɗu, kantin magani, dubu sittin. Layin da ke bi masa, rana ɗaya, kanti ɗaya, dubu sittin kuma. Balas ya faɗo ɗari biyu da huɗu.

"Kin gani?" Injiniya ya buga tebur da makulli. "Sau biyu, rasit ɗaya!"

Gwaggo ta ɗago kai. Ta dubi yarinyar ta saman tabarau.

"Na'urarsu ce ta ƙi karɓa da farko, Gwaggo. Mai kantin ya ce in sake sakawa. Kwali ɗaya na ɗauko."

"Kowa aka kama, sai ya ce na'ura ce," in ji Injiniya.

Gwaggo ta sauke rula layi ɗaya. Ran biyar, babu komai a layin debit, shi ya sa baƙin biro bai taɓa wurin ba. Amma balas ya tashi daga ɗari biyu da huɗu zuwa ɗari biyu da sittin da huɗu. Kuɗi ba sa tsiro kamar gyaɗa. Ta ja yatsa baya zuwa kiredit: dubu sittin, an mayar, da lambar ciniki iri ɗaya da ta cirewar farko.

"Karanta min wannan, Injiniya. Da ƙarfi, kunnena ya tsufa."

Ya karanta. Ya sake karantawa, wannan karon a ransa.

"To, sittin ta dawo," ya ce. "Arba'in fa?"

Gwaggo ta ci gaba da gangarawa. Dubu ashirin da biyar sau huɗu daga na'urar cire kuɗi, duk ranar Litinin: cefane da mai gashin ƙashi, ga rasitansa a leda. Cajin banki ɗari shida. An rufe wata da dubu ɗari da sittin da uku da ɗari huɗu, kuma jan biro ya ba da haka cif. Saura layi ɗaya tak, mai alamar tambaya.

"Wannan ba da kati aka cire ba," Injiniya ya ce, ya sunkuyo. "Umarni ne na dindindin, banki ke tura wa wani asusu duk wata. Ke, lambar wa kika ba su? Taki ko ta gidanku?"

"Yaushe na fita ma, balle in je banki?" in ji matar Auta.

"Gobe da safe zan je. In sunanki ya fito, ba ni za ki yi wa bayani ba."

Gwaggo ta matso da takardar kusa da hancinta. An rufe farkon lambar da taurari, an bar shida na ƙarshe. Ta karanta su, ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta sake karantawa. Lambobin da take rubutawa ne a takardar cire kuɗi tun kafin a haifi yarinyar nan.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mijinta. Baba ne ya yi ta zirga-zirgar takardu a lokacin, ya dawo ya ce mata ma'aikatar marigayin ta amince da ɗan abin da za ta riƙa ba ta, ran biyu ga kowane wata. Ta karɓa ta yi godiya ga ma'aikata. Da shi take biyan haya. Kuma da bakinta ta sha faɗa a gidan nan cewa ita ba ta taɓa cin sisin ɗan'uwa ba.

A ɗaki Baba ya yi tari. Matar Auta ta yunƙura za ta tashi, Injiniya ya ɗaga mata hannu.

"Ba inda za ki sai kin faɗi mai lambar."

"Bar ta ta je ta juya shi," in ji Gwaggo. Ta rufe jan biro. "Sittin na'ura ce ta cire sau biyu, banki ya mayar washegari. Arba'in kuma ubanku ne ya sa hannu tun yana da lafiya. Yarinyar nan ba ta ɗauki komai ba. Lambar asusuna ce."