Ta Gidan Tasalla

"Ka sake dubawa, Malam Daudu."

"Ranka ya daɗe, na duba. Har na rufe sunayen na kai wa malamin aji biyar ya sake ba da maki. Ita ce dai."

Ina bayan katanga ina tsince wake, kuma ba zan ɓoye muku ba, kunnena yana can. Katangar da ta raba gidana da zauren hedimasta Malam Halliru ba ta kai tsayin mutum ba. Ni ce Tasalla mai ƙosan ƙofar makaranta, wadda kuwa suke magana a kanta ba tare da suna ba, 'yar riƙona ce, Asma'u.

'Yar Malam Halliru ce ta fari. Shi kuwa Bafulatanin Roni ne na asali, kunyar ɗan fari a jininsa take. Tun da aka yaye ta aka miƙo mini ita ta kan katangar nan, sunanta bai taɓa fitowa daga bakinsa ba. "Ta gidan Tasalla" yake cewa. A makaranta ma malamin aji ne ke kiran suna, shi ya sa ya daɗe yana tsira. Yanzu ga ta ta zo ta ɗaya a Soshiyal a aji shida, hedimasta kuma shi ke kiran sunayen masu kyauta da bakinsa.

"To, kai ka kira," in ji shi. Sai tari ya sarƙe shi.

"In ka kira na kowa ka bar nata, ai ka fi tona kanka, ranka ya daɗe."

Na ji Malam Daudu, malamin aji shida, ya tura kekensa ya tafi. Na leƙa. Malam Halliru yana jingine da bango, ƙafafun nan sun kumbura kamar turmi. Tun bazara aka kai shi asibitin Kazaure, suka ce zuciya ce, ya kwanta ya huta. Ina hutu? Shekarar ce gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta, yara suka cika har gindin bishiya.

"Malam," na ce, "kai ba ka jin tsoron Allah? Yarinya ta hana ni sakat shekara guda da tambaya, yanzu ka ce a sake dubawa?"

"Inna Tasalla, laɓe ba kyau."

"In ba ka so a ji, ka ƙara wa katangar tsawo."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Raina ya ɓaci, tausayinsa kuma ya kama ni, na rasa wanda zan bi.

Asma'u ta sani, don Malam Daudu ya rubuta sakamakon a allo. Kwanakin nan ta kasa zama wuri ɗaya. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Ta ɗauki tulu ta je rijiya ta dawo da shi babu ruwa. Ba ta damu da kyautar ba, na san wannan. Rannan muna jiƙa wake ta ce, "Inna, zai faɗa?"

"Ubanki ne, ke za ki fi ni sani."

"Ina na san shi, Inna?"

Na ce ta miƙo mini kanwa.

Ranar taron gari ya tashi da hadari. Aka jera bencina a gindin bishiyar maina, dagaci da baƙo daga ofishin ilimi na Kazaure a kan kujeru, yara a ƙasa aji aji, mu tsofaffi a gefe. A kan tebur ga kyaututtuka: littattafan rubutu, sabulu, da littafin taswirar duniya guda ɗaya. A bayan keke aka kawo Malam Halliru, silifa a ƙafa domin takalmi ya ƙi shiga. Liman ya yi addu'a, yara suka yi taken ƙasa, ya miƙe ya dafa tebur.

Ya faɗi yawan yara da ƙarancin azuzuwa, ya roƙi baƙon a aiko da alli da kwanon rufi. Ya ba da kyautar lissafi da ta Turanci. Kowane suna sai ya tsaya ya nemi numfashi. Ni kuwa ina ta kallon sama, ina kallonsa, ina kallon ƙeyar Asma'u.

"Saura Soshiyal," ya ce. "Iyaye suna tambayata wane irin karatu ne wannan. A zamaninmu mun haddace biranen da ba za mu taɓa gani ba, ba mu san inda rafin garinmu yake zuba ba. Yanzu daga gida ake farawa: iyali, unguwa, kasuwa, ƙaramar hukuma, jiha, sannan ƙasa. Makin kuma ba na jarrabawa kaɗai ba ne. Rabinsa na aikin da yaro ya fita ya tambayo ne. In ɗanku ya dame ku da tambaya, don Allah kada ku ce masa rashin kunya. Mu muka aiko shi. Matambayi ba ya ɓata."

Dagaci ya gyaɗa kai, alhali shi ya kori yaran daga fada da suka je tambayar wa ya kafa garin.

"Na uku, Bunu Kaumi. Ya zana taswirar garin nan, ya sa kowace rijiya, ya nuna mai zartsi da mai daɗi. Ta biyu, Roda Joseph, 'yar malamin asibiti. Ta bi gyaɗa daga gona har ma'auna, ta tambayo inda mota take kai ta."

Aka tafa. Iska ta taso ta ɗaga mayafin tebur, wasu mata suka fara tattara takalma.

"Ta ɗaya," ya ce. Ya kalli Malam Daudu, Malam Daudu ya sunkuyar da kai. "Ta ɗaya ta je kasuwar Gwiwa ta zauna wurin masu kanwa. Ta tambayo daga ina take zuwa, suka ce daga ƙasar Faransa, wato Nijar, ta hanyar Babura. Ta ce me raƙuman suke komawa da shi? Suka ce gero. Ta ce to in an yi fari fa? Wannan tambayar ni ma ban taɓa yin ta ba." Ya ɗauki littafin taswirar daga kan tebur. "Asma'u Halliru."

Tsofaffin da ke benci suka dubi juna, wata kusa da ni ta kama baki. Ita kuwa ba ta motsa ba. Waiwaye ta yi, tana neman wadda ake kira.

"Asma'u," ya sake cewa, a hankali, yana kallonta. "Taso mana."

Ta taso, ta durƙusa, ta karɓi littafin da hannu biyu. Ni dai kuka nake, ban damu da wa ya gani ba. Kafin a rufe da addu'a ruwa ya kece, kowa ya watse.

Malam Halliru bai sake fitowa ba. Ranar Alhamis da hantsi ina suya na ji salati ta kan katanga, na sauke kaskon.

Ranar sadakar uku muna dakan gumba a tsakar gidansu, ni da Asma'u a turmi ɗaya. Sai ta tsayar da taɓarya.

"Inna, yaya ma ya faɗa? Ya ja ƙarshen, ko bai ja ba?"

Na gyara murya na gwada mata. Ta saurara, idonta a ƙasa. Na sake gwadawa.

"Ba haka ba ne," ta ce.

Ta ɗaga taɓaryar, muka ci gaba da daka.