Man Gyaɗar da Adawiyya Ta Kai wa Kawunta

Sau biyu Adawiyya tana hawa mota daga Tama zuwa Bouza don ta tambayi kuɗin man gyaɗarta, sau biyu tana komowa gida da sabulu kyauta. Mai butik ɗin, wato kantin da ta kai wa man, Alhaji Mahdi, ƙanen mahaifiyarta ne. Da ta tsuguna gaisuwa sai ya shiga tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da akuyar inna. Ta ina za ta sako zancen faktir, takardar kuɗin kayan?

Bido takwas, wato jarkoki, ta kai mishi, na jika ɗari da ashirin na sefa, a kan zai biya bayan wata guda. Wa'adin ya wuce da kwana sittin. Ga sabuwar gyaɗa ta shigo kasuwa da araha, in ba ta saya yanzu ba, bana ba ta da sana'a.

Abin da baki ya kasa, sai ta ɗora wa biro. A wasiƙar ta yi gaisuwa mai tsawo, sannan ta sa lambar faktir, da ranar da aka sauke kaya, da ranar da ya kamata a biya. Ta rubuta: "Na san hidima ta yi wa Kawu yawa, wataƙila takardar ta shige cikin wasu. Ga kwafinta. In duka ba su samu ba, Kawu ya faɗa mini abin da ya sawwaƙa da ranar cikon." Kalmar bashi kuwa ba ta bari ta shiga ba.

Ranar kasuwa ta miƙa mishi da hannu biyu, ta juya za ta gudu.

"Tsaya, 'yar nema! Wasiƙa, ga ni ga ki? Ni préfet ne, da sai da takarda ake ganina?"

Ya sa tabarau ya karanta, dariyar ta ɗauke. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Ɗiyata, duk zuwan da kike yi na san abin da ya kawo ki. Ni ma kunyar ce ta sa nike cika ki da surutu. Mai abincin tasha ya kwashe man, har yau bai ba ni ko dala ba."

Adawiyya ta dubi ƙasa. Ta ji tausayinshi, saura kaɗan ta ce a bar shi. Ta cije.

"Kawu, gyaɗa ba ta jirana."

Ya jawo akwatin ciniki ya zazzage, jika hamsin suka fito. Sauran, in ji shi, ƙarshen wata.

Ta rubuta abin da ta karɓa da abin da ya rage a ƙasan faktir, ta tura mishi biro.

"Har da sa hannu? Ni da na goya ki?"

"Har da ranar, Kawu."

Ya sa, yana girgiza kai. Daga nan ba ta nufi tashar motar gida ba, layin masu gyaɗa ta yi.