Jan Biro da ɗigon inci

A ofishin hasashen yanayi ba wanda bai san Jan Biro ba. Shekara tara ke nan da ya yi ritaya, amma kullum da safe, da an karanta rahoto a rediyo, sai wayarsa ta shigo da gyara. Ma'aikata har rige-rigen shiga banɗaki suke idan ta yi ƙara.

Yau kuwa autarsa ce ta rubuta rahoton, karonta na farko. Tun tana firamare Auta ba ta taɓa kai masa takarda ta dawo ba jan layi ba, kuma ba abin da take so a duniya kamar ta tsallake biron nan ko sau ɗaya.

Na'ura ta ba ta matsin iska hektofaskal 1008. Sai dai tsofaffin ma'aunai na gidajen gona da milimitar zaiba suke aiki, matuƙan ƙananan jiragen feshi kuma inci suka sani, don haka dole a ba kowa nasa. Ta ninka 1008 da 0.75006, ta rubuta milimita 756. Ta ninka shi da 0.02953, ta rubuta inci 29.77. Sau uku ta sake lissafin.

Ana gama karantawa wayar ta ɗauki ƙara. Shugaban sashe ya turo mata ita da bakin rula.

"Naki ne, Auta. Mu mun sha namu."

"Ina kwana, Baba?"

"Lafiya. Milimitarki daidai. Incin ne kika yi wa ƙari. 756 a raba da 25.4, 29.76 ne. Ina kika samo bakwai?"

Ta jawo takardarta. Can sai ta gano inda gizo ke saƙar.

"Baba, ai ba 756 cif ba ne, 756.06 ne. Ka yar da wutsiyar kafin ka raba. Mayar da ita ka gani."

Tana jin ƙarar biro a kan takarda, da muryar Mama daga nesa tana cewa shayi fa ya huce. Duk ofishin an bar aiki an zuba mata ido, har mai shara ya jingina tsintsiyarsa.

"29.766," in ji shi a hankali. "Wato bakwai." Ya yi gyaran murya. "Wa ya koya miki kada ki datse lamba sai a ƙarshe?"

"Kai ne, Baba. Har da ranƙwashi."

"To, shi ya sa. Ba ni shugabanku."

Shugaban ya karɓa yana ɓata fuska, ya saurara, sannan ya ajiye wayar kamar mai ajiye ƙwai.

"Me ya ce?"

"Wai daga yau ya daina kira. Kuma gobe ki zo da jakarki a buɗe, zai sa miki biron a ciki."

Ofis ya kaure da shewa. Auta ta sunkuya kamar tana neman wani abu a aljihun tebur, don kada a ga idonta.