Layin da Ba Ta Tsallake Ba

Ana gobe jarrabawar neman tallafin karatu, malamin lissafi ya tsaya gaban aji.

"Da an ce saura minti goma, ku duba lambarku. Sannan ku ɗora yatsa ɗaya kan tambaya, ɗaya kan takardar amsa, ku tabbata lambobin sun dace. Ku cike gurbin da kuka bari. Kada ku canza amsa sai da dalili. Ke Gyangyaɗi, me na ce?"

"Dalili, Malam," in ji yarinyar da ake wa laƙabin saboda yawan barci a aji, tana murza ido. Aka kwashe da dariya. Ita ta fi kowa ƙoƙari, kuma in babu tallafin nan, karatunta ya ƙare.

Washegari yana zagayen sa ido, ya ga ta tsallake tambaya ta arba'in, amma ba ta tsallake layinta a takardar amsa ba. Duk amsoshin da suka biyo baya sun zauna a gidan maƙwabta. Jami'ar jarrabawa tana bakin ƙofa, idonta a kansa. In ya yi ko tari, za a soke takardar yarinyar.

"Saura minti goma," ya ce, iyakar abin da doka ta yarda masa.

Yarinyar ta duba lambarta a natse, har sau biyu. Bai taɓa jin haushin biyayya kamar ranar ba. Ta ɗora yatsu, ta faro daga tambaya ta ɗaya. A ta arba'in yatsun suka tsaya. Ta jawo abin gogewa.

Tana cike layin ƙarshe aka ce a ajiye fensir.

A bakin ƙofa ta rusuna. "Malam, ai ido kawai nake rufewa."