Kuɗin Duba Saura

Da rana tsaka suka shigo shagon mai fassara, wata mata da ƙanin mijinta, suka zauna a benci kusa da injin kwafi. Ƙanin ne ya yi bayani. Yayansa yana aiki a jirgin ruwa a wata ƙasa, bara kamfani ya aiko cewa ya faɗa teku, ba a ga gawa ba. Bankinsa na can bai daina aika takardar asusu ɗakin da ya zauna ba, shi ne abokin zamansa ya ɗauki hotonta ya turo ta waya.

"Fassara kawai muke so, Malam, mu haɗa da takardar mutuwa a rufe asusun. Matar Yaya ce ke jan ƙafa."

"Kai kuma kana jan aljihu, Auta," in ji ta.

Mai fassara ya karɓi wayar. Hoton a karkace yake, an shimfiɗa takardar a kan katifa, inuwar hannu ta rufe kusurwa. Ya buɗa shi da yatsu biyu, ya fara daga sama. B/F shi ne abin da ya ragu daga takardar baya. CR kuɗi ne ya shigo, DR kuɗi ne ya fita. Layin CR babu komai a ciki.

"To me ke fita, tunda ba mai taɓawa?" in ji matar.

"Wannan ladar riƙe asusu ce, duk wata banki ke cira. Wannan na saƙon waya ne. Da kansu suke fita, ko da mai asusu ko babu."

"Ka ji ɓeraye masu takarda," in ji Auta.

Akwai layi na uku, ɗan ƙaramin kuɗi, an rubuta BAL ENQ a gabansa. Mai fassara ya sha ganin irinsa. Ya duba ranar da aka yi abin, ya duba ranar da banki ya shigar, don wani lokaci tsohon ciniki ne ke makara. Wannan bai makara ba. Wata uku ne a takardar, kowane wata yana da nasa.

"Wannan kuɗin duba saura ne. Idan mutum ya sa kati a injin wani banki daban ya tambayi nawa ya rage, sai a caje shi."

"Shi ma da kansa yake fita?"

"A'a. Sai an tsaya gaban inji, an sa kati, an danna lambar sirri."

Injin kwafi ya yi ɗan ƙaransa na hucewa, ya yi shiru.

"Ɓarawo ne ya tsinci katin," in ji Auta.

"An ciri wani abu?" Matar ta tambayi mai fassara.

"Ko sisi. Dubawa kawai ake yi."

"Katin yana jikinsa kullum, a aljihun ciki. Lambar ko ni bai gaya wa ba." Ta matso. "Wace rana ce?"

Ya karanta mata. Ashirin da takwas ga wata, duka ukun.

"Ranar albashinsu ke nan. Sai ya duba ya ga ya shigo, sannan ya kira ni."

Auta ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Malam, gaya mata gaskiya. A rufe kafin bankin ya lashe shi tas, ko ba haka ba?"

Mai fassara yana da ra'ayinsa, amma ba shi aka kawo masa ba. "Abin da ke rubuce nake faɗa. Abin da za ku yi da kuɗinku naku ne."

"Idan muka kai takardar mutuwar fa?" in ji matar.

"Banki yakan tsayar da katin."

"In an sa shi a inji?"

"Ba zai amsa ba."

Ta daɗe tana kallon hoton. Mai fassara ya ajiye wayar a kan tebur.

"In an bar asusun haka, yaushe kuɗin zai ƙare?" in ji ta.

Wannan lissafi ne, don haka ya yi mata. In cajin bai canza ba, bai fi wata bakwai ba.

"Daga nan in an duba, sai a ga babu komai," in ji ta.

"Haka ne."

Auta ya tura mata takardar mutuwar da biro. Ta ninke ta huɗu, ta sa a jaka.

"Malam, a cikin lambobin nan wacce ce ake tura kuɗi da ita?"

Ya nuna mata a saman takardar bankin da ke hoton. Ta miƙa masa biron Auta, ta buɗe tafin hannunta.

"Rubuta mini da manyan baƙi. Jibi ashirin da takwas."