Takardar Neman Aiki da Ba Ta Aika Ba

Wata malama ta yi niyyar neman gurbin koyarwa a jami'ar garinsu saboda mahaifinta, wanda ciwo ya kwantar. Ta so ta dawo kusa da shi.

A gefen gadonsa ta karanta masa takardar neman aikin. Sakin layi uku ta yi a kan bincikenta na cututtukan tumatir, koyarwa kuwa layi biyu kacal.

"Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa ta ci, "kin cika su da tumatir. Ina ɗalibanki? Kuma me ya sa sai wannan jami'ar? Mai neman aure ba ya yini yana yabon kansa."

Ta yi dariya, ta zauna gyara. Ta ƙara darasin da take kai ɗalibai gona, ta nuna yadda aikinta zai cike giɓin da sashen da take son shiga ke da shi a fannin cututtukan shuka.

Ranar Laraba ya rasu, saura kwana biyu a rufe karɓar takardun neman aikin.

Bayan an share makoki ta buɗe kwamfutar. Takardar ta yi kyau, babu abin gyarawa. Ta karanta ta a bayyane a ɗakin da babu kowa. Ba ta aika ba.