Tabon Tumbiɗi

Aibin mai shayi ɗaya ne: ya yi imani babu dattin da tafasasshen ruwa ba zai kora ba. Shekara da shekaru da shi yake wanke madara daga kofuna, kuma babu kofin da ya taɓa kai ƙararsa.

Da matarsa ta yanke a yatsa, wankin jaririnsu ya dawo kansa. Cikin kayan har da farar rigar da mahaifiyarsa ta aiko, wadda ta ce ƙarshen mako za ta zo ta ga jikanta a ciki. Sau ɗaya aka gwada wa yaron ita, ya sa mata hannu da tumbiɗi a ƙirji, kashi kuma ya ɓullo ta gefen kunzugu ya kammala aikin.

Mai shayi ya juye wa rigar ruwan zafi. Tabon ya koma rawaya, ya zauna daram kamar ya biya haya.

"Maigida, ai ka dafa shi," in ji matar. "Nono da kashi da ruwan sanyi ake fara musu."

Ransa ya ɓaci. Shi da madara ta san shi ya san ta, yau shi ake koya wa halinta? Ya ɗauko bilic, ta ƙwace da hannunta mai lafiya. Ya jawo garin sabulu mai ƙamshi, ta tuna masa ƙurajen da suka feso wa yaron a wuya saboda shi. Ya tambaya ko fatar yaron nan da takarda aka yi ta. Ta ce da wadda ta fi takarda laushi.

Haka ya tsuguna bakin famfo yana huci. Sauran kayan ya bi da su yadda ta ce: masu kashi daban, ya kankare, ya ɗauraye da ruwan sanyi, ya goga farin sabulu marar turare, ya jiƙa, ya cuɗa a hankali. Ɗauraya kuwa sai da kumfa ta ɗauke ƙaf. Suka fita tas, abin da ya ƙara ba shi haushi.

Rigar ce ta ƙi. Kullum ya dawo daga teburin shayi sai ya sake jiƙa ta, ya shanya a tsakiyar rana, yana yi wa tabon faɗa ƙasa-ƙasa. Maƙwabcinsa tela ya leƙo ta katanga ya tambaya ko ana karɓar wankin manya. Mai shayi ya ci gaba da cuɗa.

Rana ta yi abin da tafasa ta kasa. Safiyar da tsohuwarsa ta iso, sai mai neman magana ne zai ga tabon. Mai shayi ya miƙa mata rigar da hannu biyu, yana hararar matarsa.

Tsohuwa ta ɗora jikanta a cinya, ta zura masa rigar, ta ja ta nan, ta ja ta can.

Rigar ta yi wa yaron kaɗan.